"Ci gaba a haka": yarda ce ko sallama?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To imel ba shi da fuska, shi ya sa ɗaliban mastar suke kwana suna juya layi uku da malamin da ke duba kundinsu ya aiko. Ni malamin lise ne, na yi nawa mastar ina koyarwa, kuma tun daga lokacin ƙannai da abokan aiki suke miƙo mini salula su ce in karanta in gaya musu ko an yarda da aikin. Abin da na koya shi ne, yabo ba ya cin malami komai. Yarda ta gaskiya kuwa tana ɗora masa nauyi, domin ranar sutunansi yana zaune cikin juri, kuma duk abin da aka soka a kundin har shi ya shafa. Don haka nauyin nan nake nema a cikin saƙo.

Bara ɗiyar yayata ta rubuta kundi mai shafi 86 a kan karatun yaran da suka fara lakkwal da Hausa kafin Faransanci, irin tsarin da aka soma gwadawa a Damagaram a 1973. Ta aika wa malaminta da dare. Bayan minti arba'in amsa ta zo da Faransanci, ga ma'anarta: "Na samu aikinki. Batu ne mai ban sha'awa, kuma an ga kin yi ƙoƙari. Ci gaba a haka, za mu sake magana." Uwarta har ta fara lissafin ƴan uwan da za a gayyata Yamai, ita kuwa yarinyar tana shirin kai kundin wurin bugawa.

Ta ce mini, "Kawu, ai ya yarda ko?"

Na ce mu fara da tambaya ɗaya: akwai alamar ya karanta? Mutumin da ya karanta yakan bar sawu. Zai ambaci shafi, ko babi, ko wani jadawali, ko marubucin da aka manta. A saƙon nan babu kalma ɗaya da ba za a iya aika wa ɗalibin da ya yi bincike a kan farashin albasar Galmi ba. Abin da ya yaba ma batun ne da ƙoƙarin, kuma ya san su duka tun kafin ya buɗe kundin. Bai ce komai a kan hanyar binciken ko sakamakonsa ba. Ga kuma lokaci: ba a karanta shafi 86 karatun gyara cikin minti arba'in. Kuma bai maido fayil ɗin da gyara a gefen shafi ba. Wannan saƙo rasit ne na cewa kaya sun iso.

Tambaya ta biyu: me ya ɗaure kansa da shi? Kafin ɗalibi ya ajiye kundi a sashensa, a ƙa'ida sai malamin da ya duba ya ba da izini, sannan a kafa juri a sa rana. Malamin da ya gamsu yakan yi maganar waɗannan abubuwa: ki buga, ki kawo in sa hannu, zan yi wa shugaban sashe magana. A nan ina duba yadda aka gina maganar. "Ki ajiye" umurni ne. "Za a iya tunanin ajiyewa" ƙofa ce da aka bari a buɗe don fita. "Za mu sake magana" babu rana a cikinta, ƴar'uwar "sai na duba" ce da muke gaya wa mai neman rance. Gaisuwar ƙarshe da fatan alheri kuwa ana sa su a kowace wasiƙa, ba su auna komai.

Ban ce mata malamin ya ƙi aikin ba, domin saƙon bai nuna haka ba. Malami mai ɗalibai da yawa yakan amsa da sauri don kada a ce ya yi shiru, ya ajiye karatun sai ya samu sarari. Wani kuma ya leƙa ya ga matsala, amma kara ta hana shi rubuta ta. Daga layi uku ba za a bambanta su ba, sai an tambaya. Kuma tambayar "Malam, yaya kuka ga aikin?" wani yabon kawai za ta jawo.

Muka zauna muka rubuta gajeren saƙo. Bayan gaisuwa da godiya ta ce: "Malam, sashe ya sa ranar ƙarshe ta ajiye kundi nan da mako biyar. Ina da tambaya biyu. A babi na uku na gwada yara 40 a makarantu biyu, kuna ganin sun isa abin da na faɗa a kammalawa? Kuma kun ba ni izini in ajiye a wannan zango, ko in jira na gaba?" Tambayar farko ba ta amsuwa sai an buɗe babin. Ta biyun tana son i ko a'a, kuma "ko in jira na gaba" ya ba shi hanyar cewa a'a ba tare da jin nauyi ba.

Amsa ta ɗauki kwana shida, kuma babu yabo a cikinta ko kaɗan. Ya ce yara 40 sun isa a yi magana a kan makarantun biyu, amma kammalawarta tana magana kamar ta auna jihar gaba ɗaya, sai ta rage. Ya ce jadawalin shafi na 52 bai dace da alƙaluman shafi na 49 ba. Ya rufe da cewa in ta gyara ta kawo ranar Litinin ta sama, zai sa hannu. Yarinyar ta ɓata rai, ni kuwa na yi mata barka. Saƙon farko ya fi daɗi, amma na biyun ne ke da shafi da sharaɗi da rana. Ta gyara, ta ajiye a kan lokaci.

Wannan ma'auni yana da iyaka. Akwai malamin da yardarsa kalma biyu ce, "To, ajiye", kuma ta fi dogon yabo nauyi domin izini ce. Akwai wanda "ba laifi" shi ne iyakar yabonsa. A tambayi ɗalibansa na bara yadda yake rubutu in ya gamsu. Akwai kuma wanda ba ya gyara a imel, sai a kan takarda da jan biro ko baki da baki a biro ɗinsa. Irin wannan, ɗalibi ya koma gida ya rubuta masa abin da ya fahimta: ga gyara uku, ga ranar kawowa, haka ne? In kuma an yi tambaya mai son i ko a'a har sau biyu ana samun "ci gaba a haka", to a ɗauka ba a yarda ba tukuna, a nemi ganinsa ido da ido.

Ga iyaye, kuskuren karanta irin wannan saƙo yana da tsada: kuɗin buga kwafi da ɗinke su, kuɗin mota, wataƙila sabuwar rajista ta shekara guda, da konkur ɗin da zai wuce babu difloma a hannu. Idan ɗanku ya kira ya ce malam ya ce aiki ya yi kyau, ku yi masa addu'a, sannan ku tambaye shi: wane shafi ya ambata, kuma yaushe ya ce zai sa hannu?