Kuɗin Adashi: A Zuba Gaba Ɗaya Ko Wata-Wata?

'Yar'uwa, ranar da na kwashi adashin naira 300,000 ban yi barcin kirki ba. Yayata da ke Argungu ta ce, "Ke dai turo su duka in saya miki shinkafa shanshera, kaka ce." Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kebbi, na saba da albashi, zuciyata ta fi kwanciya da saye kaɗan-kaɗan.

Ga lissafin da na yi a bayan takarda lokacin aikin dare, da farashin misali. A ce buhu yana 20,000, sai ya koma 25,000, sannan 50,000. Wadda ta zuba kuɗinta duka tun farko tana da buhu 15. Wadda ta raba su 100,000 sau uku za ta samu biyar, da huɗu, da biyu, wato 11. To juya farashin, ya faro daga 50,000 ya sauko. Mai zubawa gaba ɗaya buhu shida kawai ta samu, mai rabawa tana nan da 11 ɗinta.

Kin ga ke nan rabawa ba ta ƙara riba, kariya ce daga shiga kasuwa a mummunar rana. Kuma dukansu mun gani da idonmu: bayan cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi ta hawa, a 2025 kuma shinkafa ta faɗi, masu ajiya suka ji jiki.

Shinkafa tana da lokacinta. Ta fi araha idan an girbe ta damina ko ta rani a fadama, don haka mai kuɗi a hannu da kaka ba ta da dalilin jira. Gwal kuwa ba shi da kaka, ya fi dacewa da sayen wata-wata.

Amma ni ba farashi ne ya fi ba ni tsoro ba, halina ne. Kuɗin da na ce zan raba, nakan raba su ne tsakanin anko da gudummawar biki. Na kuma san in na zuba duka farashi ya faɗi, zafin asara zai sa in sayar a guje.

Sai na ware 100,000 don lalura, domin na sha ganin uwa ta karyar da kayanta saboda kuɗin tiyata. Sauran na tura wa Yaya, ta jera buhunan a kan katako saboda danshi, tana kuma lura da ɓeraye. Daga albashi kuma, ranar da ya shigo nake cire na gwal, kafin in shiga kasuwa.

Kafin ki zaɓa, tambayi kanki: in farashi ya faɗi da rabi gobe, za ki iya jira wata shida ba ki taɓa kayan ba? In ba za ki iya ba, ki raba. Ke wanne kika gwada?