Zane Ɗaya Mai Layuka Tara, Ko Ƙananan Zanuka Tara?

A wannan makon ina so mu taɓa wani abu da yake shigowa cikin rubutunmu jefi-jefi, musamman masu maƙala da rahoto, wato zanen alƙaluma. Ina da tsohuwar jayayya da wani nau'insa, wanda ake cusa layuka takwas ko goma a fili ɗaya, kowanne da launinsa, su yi ta hawa kan juna. Turawa suna yi masa laƙabi da zanen taliya, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zaro silin taliya ɗaya daga cikin tukunya ya san dalili.

Bari in ɗauki misalin da na fi sabawa da shi, ruwan sama. A ce kana rubutu a kan yadda damina take bambanta daga bakin teku zuwa bakin Sahara, ka tattaro matsakaicin ruwan kowane wata na garuruwa tara: Fatakwal, Legas, Ibadan, Abuja, Jos, Kaduna, Kano, Damagaram da Agadas. Gari tara sau wata goma sha biyu, alƙaluma 108 ke nan. Abin da hannu yake fara kaiwa gare shi shi ne a zuba su duka a zane ɗaya, watanni a kwance, milimita a tsaye.

Daga Disamba zuwa Fabrairu layukan garuruwan arewa duk za su kwanta a kan sifili, ɗaya ya rufe sauran. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, inda labarin yake, layukan za su cakuɗe suna tsallaka juna. Mai karatu zai dubi layi, ya koma gefe ya nemi sunan garin da ke da wannan launin, ya dawo ya tarar ya ɓace masa. Launi tara kuma dole wasu su yi kama da juna. Idan aka buga a takarda baƙi da fari, ko hoton ya bi ta WhatsApp ya dusashe, to magana ta ƙare. Ga kuma masu larurar ido da ba sa rarrabe ja da kore.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a raba gado. Kowane gari a ba shi ɗan ƙaramin zanensa, layi ɗaya tak, da sunansa a sama, sannan a jera su uku-uku kamar tagogin bene. Dabarar tsohuwa ce, amma Edward Tufte, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Yale ta Amurka, shi ya yayata ta a littafinsa na 1983 a kan zanen alƙaluma. Hikimar ita ce mai karatu sau ɗaya zai koyi yadda ake karanta zanen. Da ya gane na farko ya gane sauran takwas, domin komai nasu iri ɗaya ne sai alƙaluman.

Jeren yana da nasa tsari. Ba na bin haruffan abacada, domin hakan zai ajiye Abuja kusa da Agadas, ga Fatakwal kusa da Damagaram, ba tare da wata ma'ana ba. Ina jera su ne daga arewa zuwa kudu, kamar taswira. Sahun sama Agadas, Damagaram, Kano. Na tsakiya Kaduna, Jos, Abuja. Na ƙasa Ibadan, Legas, Fatakwal. Da an yi haka, sai ido ya ga abin da taliyar ta ɓoye. A sama tudu ne guda ɗaya siriri, ƙololuwarsa a Agusta. Kana gangarowa tudun yana faɗi, damina tana farawa da wuri tana kuma jimawa. A Ibadan da Legas kuwa sai tudun ya rabu biyu, da kwari a tsakiya daidai watan Agusta, wato ɗan tsaikon ruwan da ake yi a kudu maso yamma.

Dalilin hakan shi ne iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika tana turawa arewa sannu a hankali, kuma wajen Agusta take kaiwa iyakarta. A lokacin ruwa mai ƙarfi ya koma arewa, shi ya sa a matsakaicin lissafi Kano takan fi Legas samun ruwa a wannan watan. Mutane da yawa kan yi mamakin jin haka. A jerin ƙananan zanuka ba sai ka yi dogon bayani ba, ga tudu a sama, ga kwari a ƙasa, a wata guda.

Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne ma'auni ya zama ɗaya a duk zanukan. Excel yakan zaɓar wa kowane zane ma'auninsa da kansa, ya miƙar da layi har ya cika fili. Idan ka bar shi, Agadas da ruwanta na shekara bai kai milimita 200 ba za ta fito da tudu mai tsayi daidai da na Fatakwal, wadda take haura milimita 2,000. Babu alƙalamin da ka sauya, amma zanen ya yi ƙarya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: dubi lambar da ke can saman gefen kowane zane, idan ta bambanta, akwai matsala. Gyaran shi ne ka shiga Format Axis, ka sa Minimum ya zama 0, Maximum kuma lamba ɗaya da ta ɗara alƙalaminka mafi girma, misali 500. Ni nakan kammala zane ɗaya tsaf, in kwafe shi sau takwas, in sauya alƙaluman da sunan gari kawai.

Akwai abin da ake asara, kuma gara a san shi. Idan ma'auni ɗaya ne, Agadas za ta zama ɗan ƙullutu a gindin zanenta. A nan ba laifi, ƙarancin ruwan ai shi ne labarin. Amma idan tambayarka ita ce wane wata ne kowane gari yake samun mafi yawan ruwansa, sai ka mayar da alƙaluman kashi cikin ɗari na ruwan shekarar garin, ka kuma faɗa wa mai karatu ka yi haka. Asara ta biyu, ido ba ya iya gwada tsayin layuka biyu daidai-wa-daida idan suna gidaje daban. Don rage wannan nakan sa layin Kano da launin toka, mara kauri, a bayan kowane zane, ya zama ma'aunin da kowa zai jingina da shi. Idan kuwa Kano da Legas kaɗai kake son gwadawa, haɗa su a zane ɗaya ka rubuta sunan kowanne a jikin layinsa, domin wurin da suka tsallaka juna shi ne abin kallo.

Ƙa'idata ita ce, layi biyu ko uku su zauna tare, da sun haura huɗu ko biyar sai in fara tunanin raba su. Kafin in saki zane kuma nakan tura shi wayata in duba, tunda a nan akasarin masu karatunmu za su gan shi. Idan sai na buɗa hoton da yatsu kafin in karanta sunan gari, nakan rage zanukan zuwa shida, in jera su biyu-biyu.

Wanda ya gwada da nasa alƙaluman, ko na farashin hatsi a kasuwanni ne ko na sakamakon jarrabawa, ya kawo mana mu gani mu tattauna. Allah Ya ƙara basira.