An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Sau da yawa idan hoton mutum ya dushe a kiran bidiyo, akan ɗora laifin a kan layin sadarwa, alhali kuwa ba kullum ne shi ke da laifi ba. Akwai alamar da ake rarrabewa da ita. Idan hoto ya farfashe gida-gida, ya daskare, murya tana yankewa, wannan aikin layi ne. Amma idan murya na fita tangaran, fuska kuwa ta yi duhu da ɗige-ɗige kamar an watsa mata rairayi, to haske ne ya yi ƙaranci.

Wata ɗaliba mai neman gurbin ƙaro ilmi a ƙasar waje ta gamu da na biyun. Saura kwana ɗaya a yi mata tambayoyi ta Zoom, sai ta gwada da ƙawarta, ta tarar ba a ganin kome sai inuwa mai lulluɓi. Ashe taga ce a bayanta. Kyamara takan auna hasken da ya fi rinjaye, watau na tagar, ta tsuke idonta, sai fuska ta nutse. Da ɗalibar ta rufe labule kuma, kyamarar ta shiga ƙoƙarin gani cikin duhu, ɗige-ɗigen nan suka bayyana. Abin takaicin shi ne, ɗige-ɗigen ba sa tsayawa wuri ɗaya, manhajar kuwa ba ta aikawa da hoto ɗungurungum, abin da ya sauya take aikawa. Saboda haka sai ta ɗauke su tamkar motsi, ta ɓarnatar da ƙarfin layi a kansu, ta bar idanu da leɓɓa a dagule.

Maganin bai ci ko sisi ba. Ta juya tebur ta fuskanci tagar, ta saki farin labule domin ya tausasa hasken, sa'an nan ta ɗora kwamfutar bisa ƙamus biyu har kyamara ta yi daidai da idonta. A da silin da ƙasan haɓa kawai ake gani, wanda lalle ba shi ne fuskar da mai neman alfarma zai so ya nuna ba.

Daga nan ta koma kan layi. Abin lura shi ne saurin aikawa, ba na saukewa da kamfanoni ke talla da shi ba. Zoom na bukatar kimanin 1.2 Mbps domin hoto mai 720p tsakanin mutum biyu. Nata ya nuna 2, amma wayarta tana ta loda hotuna a ɓoye tana cinye rabi. Ta tsayar da lodin. Da dare ya yi, jama'a suka cika layi, saurin ya faɗo ƙasa da 1, sai ta cire alamar HD da kanta, domin ƙaramin hoto mai tafiya sumul ya fi babba mai sarƙewa a tsakiyar amsa.