Ɗaki ba kowa, hoto cike da kaya: ina gaskiyar take?

Wata dabara ta shigo harkar hayar gidaje, kuna ganinta a Facebook da WhatsApp. Dillali ya ɗauki hoton ɗaki wayam, ya sa shi cikin manhajar salula, nan take ga gado, ga kujeru, ga labule. Ni a ganina wannan ba laifi ba ne. Ɗakin da ba kaya wuyar ƙiyastawa gare shi, kaya su ke nuna ma mutum inda gado zai zauna. Laifin yana farawa ne lokacin da mai kallo bai san zane ba ne.

Ku tuna wa ke kallon hoton. Sau da yawa ma'aikaci ne da aka canza ma wurin aiki daga Tawa ko Damagaram zuwa Yamai, ko ɗan'uwa da ke ƙasar waje yana nema ma iyalinshi gida. Bai taka ƙafa ya gani ba, hoton nan shi ne idonshi, kuma a kanshi zai aiko da kuɗin watanni tun kafin ya iso.

Mu ɗauki misali. Ɗaki ne mai faɗin metir 3. Gadon mutum biyu faɗinshi santimetir 160, kabad ɗin tufafi kuma kaurinta 60. In ka jingina gado da bango, kabad a ɗaya bangon, abin da ya rage tsakani 80 ne kawai: hanya ce ta mutum ɗaya, ƙofar kabad ma da ƙyar ta buɗe. To manhaja ba ta auna ɗaki ba, kyau take nema. Sai ta zana gado ƙarami mai kama da babba, ɗaki ya fito kamar fili. Ranar tarewa, gadon amarya ya shiga, sauran kaya su kwana a waje.

Ta yaya za ka gane? Ƙirga karon da ke ƙasa. In karo mai 40 ne, gado mai 160 dole ya rufe huɗu. In uku ya rufe, 120 aka zana ma ka, an yi ma ɗakin ƙarin girma ke nan. Duba inuwa kuma: haske na shigowa ta taga, amma kujera ba inuwa, ko ƙafafunta kamar ba su taɓa ƙasa ba. Wannan zane ne.

Kai kuma dillali ko mai gida, ga iyakar da nake gani. Abin da mai haya zai ɗauko da kanshi, gado, tebur, darduma, kana iya zanawa, amma da awo na gaskiya. Abin da ke jikin gini kuwa, kada ka taɓa. Kada ka canza fenti, kada ka ƙara taga, kada ka manna na'urar sanyaya ɗaki ko fanka a sama, don mai kallo zai ɗauka da su ya kama gidan. Mafi muni shi ne a ɗora kabad daidai inda bango ya tsage, ko inda ruwan damina ya bar tabo. Wannan ba ado ba ne, ɓoye aibi ne.

Sai maganar sanarwa. Wasu kan rubuta a ƙasan hoto, su ce sun fita haƙƙi. Bai isa ba. Da wani ya adana hoton ya sake tura ma ƙanenshi, rubutun ƙasa ya ɓace, hoto ya ci gaba da yawo shi kaɗai. Saboda haka a rubuta a jikin hoton, da manyan baƙaƙe, ba a can kusurwar da za a iya yankewa ba: “Kayan nan zane ne, ɗakin ba kaya.” Ga masu karatun Faransanci a ƙara `Meubles virtuels, logement loué vide`. A fara sa hoton ɗakin yadda yake, daga kusurwa ɗaya, sannan mai kayan ya biyo, tare da tsawo da faɗi a metir. Tunda kuma da yawa cikinmu sun fi jin murya da karatu, a haɗa da saƙon murya, ka faɗa da bakinka.

Wani zai ce wannan zai kori masu nema. A'a. Wanda ya zo bayan ya ga hoto biyun ya san abin da zai tarar, ba rigimar maido kuɗi, ba kai ƙara. Dillali da suna yake ci, unguwa kuma ba ta mantuwa.

Ku masu nema, kafin ku aika ko dala, ku ce a turo maku bidiyon ɗakin ba kaya, a zagaya bango huɗu, a ɗaga a nuna sama.