Duba Wasali Kafin a Buga

Mu malamai na Dutsin-Ma da Kurfi, in aka kawo mana littafin Larabci na yara mu duba kafin a buga, ba mu yarda da idonmu. Babba, ko wasali ya ɓaci, daidai zai karanta. Yaro kuwa abin da ya gani shi zai haddace. Ga kaf da ta da ba: duka da wasali bisa, kataba, ya rubuta, kaf da rufu'a, ta da ƙasa, kutiba, an rubuta. Saboda haka mu kan bi shafi sau biyu, irin na makarantar allo: babbaƙu tukuna, sa'an nan farfaru, ɗaya na furtawa, ɗaya na bi da tsinke. Gyara a takarda sauƙi gare shi. A bakin yaro, sai an sha wuya.