Ranar da kashi 50 ya kusa shiga labaran ƙarfe bakwai

A watan Janairun 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kuɗi da ta ɗaga harajin kayayyaki daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, ina aiki a ɗakin labaran wani gidan rediyo a Kano, ban cika shekara ba. Ni aka ba labarin in rubuta. Na zauna na yi lissafi: daga 5 zuwa 7.5 an ƙara 2.5, kuma 2.5 rabin 5 ne. Sai na buga kanun labari da ƙarfin gwiwa: "Gwamnati ta ƙara harajin kayayyaki da kashi 50 cikin 100."

Abokin aikina da ke teburin gefe ya leƙo ya ce na yi kuskure, kashi biyu da rabi ne kawai. Muka kaure da gardama har editanmu, wanda muke kira Malam, ya ɗago kai. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tabaransa kullum a ƙarshen hanci, jan bironsa kuwa duk ɗakin muna shakkarsa.

Ya karɓi takardar ya karanta, ya ce, "Ɗan nan, lissafinka daidai ne. Amma mahaifiyarka idan ta ji wannan a rediyo, me za ta ɗauka?"

Na yi shiru, don na san amsar. Cewa za ta yi kayan dubu goma sun koma dubu goma sha biyar, kafin gari ya waye kuma masu shago a unguwa sun sami hujjar tsauwala farashi.

Ya juya bayan takardar ya rubuta Naira 10,000. Ya ce mu ɗauka kuɗin fanka ne a kanti. A da harajinta Naira 500, mai saye ya biya 10,500. Yanzu harajin ya zama 750, zai biya 10,750. Harajin kansa ya tashi daga 500 zuwa 750, wato da rabi, nan ne kashi 50 ɗina yake. Amma abin da ya ƙaru a aljihun mai saye Naira 250 ne a kan 10,500. Ya miƙo mini kwakuleta ya ce in raba. Na samu 2.38 cikin 100. Ya ce a labari 2.4 ta wadatar, ko ma a ce bai kai biyu da rabi ba.

Abokina ya fara murmushin nasara, sai Malam ya juya kansa. Ya ce shi ma bai tsira ba, domin "an ƙara da kashi 2.5 cikin 100" magana ce mai baki biyu. Wanda ya ɗauke ta a kan Naira 500 ɗin nan zai zaci harajin ya koma Naira 512 da kwabo 50. Shi 2.5 tazara ce tsakanin tsohon ma'auni da sabo, ba girman ƙarin ba. Hausa ba ta da wata kalma ɗaya da kowa ya yarda da ita don bambanta biyun. Wasu kan ce maki, wasu ɗigo, mai sauraro kuwa ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa. Shi ya sa dokarsa ita ce a faɗi inda aka taso da inda aka sauka, sannan a kawo misali da Naira.

Saura minti goma a shiga situdiyo sai mai karanta labarai ta zo da tata. Ta ce "bakwai da ɗigo biyar" na yi mata nauyi a baki, ko ta ce kusan takwas? Nan ne kaɗai na ga ran Malam ya ɓaci. Ya ce, "Hajiya, bakwai da rabi ai Hausa ce." Ya nuna mata cewa idan ta mayar da shi 8, harajin fankar nan ya zama 800, ƙarin kuma ya tashi daga kashi 50 zuwa 60. Ana iya cike adadi idan ƙiyasi ne, kamar yawan mutanen da suka halarci taro. Wannan kuwa adadi ne da doka ta yanke, da shi za a rubuta rasit.

Abin da ya fita a ƙarfe bakwai shi ne: haraji ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi bakwai da rabi, mai sayen kayan Naira 10,000 zai ƙara Naira 250, kuma harajin ba ya hawa kan kayan abinci na yau da kullum. Kashi 50 ɗina bai shiga ba. Na ji haushi a daren, ba zan ɓoye ba, don a ganina an cire wa labarin gishiri. Sabon harajin ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2020, takardar nan mai jan biro kuma tana cikin jakata har yau.