47.6 ko 53.5? Yadda lamba ɗaya ta kusa zaunar da ƙanwata a gida

1/ Zan ba ku labarin ranar da na koya wa ƙanwata fitar da matsakaicin maki, wato abin da muke kira abareji, da biro da takarda kawai. Idan kana cikin masu cewa "ni lissafi ba nawa ba ne", da kai nake. Ka ɗauko biro, tare za mu yi.

2/ Ina zaune a Kalgo saboda karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, gidanmu kuma yana Gwandu. Wata Juma'a da dare sai ga kira daga wayar Inna. Ina ɗauka na ji ƙanwata ce, tana kuka. Ta ce, "Yaya, an ba mu kati. Abarejina 47.6."

3/ Abin da ya sa ta kuka shi ne, tun farkon zango Baba ya kafa mata sharaɗi. Tana aji ɗaya na babbar sakandare, kuma ya ce in abarejinta bai kai 50 ba, ba zai ƙara kashe kuɗin littafi da na inifom ba. Wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu.

4/ Na ce ta karanto min makin kowane darasi, ina rubutawa a bayan wata takarda:

Turanci 48
Lissafi 41
Hausa 72
Labarin Ƙasa 68
Bayoloji 55
Kemistiri 44
Fiziks 39
Sibik 61

Ina kallon lambobin na ji raina bai kwanta ba. Na ce ta share hawaye, gobe ina hanya.

5/ Da safe na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na kama ta Gwandu. Da kalkuletar waya zan iya gamawa cikin minti ɗaya, amma na san Baba ba zai yarda da abin da waya ta ce ba a kan abin da malami ya sa wa hannu. Sai ya gani da idonsa. Ita ma ina so ta iya da kanta.

6/ Muka zauna a tabarma. Na ce mata, "Mene ne abareji?" Ta ce, "Lambar da ake rubutawa a ƙasan kati." Na yi dariya, amma gaskiya ni ma haka na ɗauke shi har na kusa gama sakandare. Sai na aika a sayo min dabino.

7/ Na ba ƙannenmu uku: ɗaya 4, ɗaya 9, ɗaya 5. Na ce mata, "In ana so kowa ya tashi da daidai na ɗan'uwansa, ya za a yi?" Ta karɓe duka ta zuba a faifai, ta ƙirga 18, ta raba musu shida-shida. Na ce to kin fitar da matsakaici ke nan. Shida.

8/ Ma'anarsa ke nan gaba ɗaya: in an tara komai wuri ɗaya aka raba daidai wa daida, nawa kowa zai samu? Ka lura, cikin yaran nan babu wanda ya riƙe shida tun farko. Matsakaici ba dole ya zama ɗaya daga cikin lambobin da aka ba ka ba.

9/ A katin makaranta, darussa su ne yaran, maki shi ne dabinon. Aiki uku ne: ka tara makin, ka ƙirga darussan, ka raba jimillar da yawan darussan. Mutane na tsoron na uku, suna raina na biyu. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

10/ Tarawa tukuna. Kada ka ce za ka haɗiye lambobi takwas a ka lokaci guda. Ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya kana rubuta inda ka tsaya:

48 + 41 = 89
89 + 72 = 161
161 + 68 = 229
229 + 55 = 284
284 + 44 = 328
328 + 39 = 367
367 + 61 = 428

11/ Duk makin da ta ƙara, na sa ta ɗiga masa alama a gefe, don kada ta tsallake wani ko ta maimaita shi. Da ta gama na ce ta sake tarawa daga ƙasa zuwa sama. Ta sake samun 428. Muka duba kati: malamin ma 428 ya rubuta a gurbin jimilla. Ashe matsalar ba a nan take ba.

12/ Sai ƙirge. Na ce ta ɗora yatsa a kan kowane darasi mai maki. Ta ƙirga takwas. To yanzu 428 za mu raba gida takwas. A nan ta ajiye biro ta ce, "Yaya, ni doguwar rabawa tun firamare ba ta shiga kaina ba." Na ce mu bi ta a hankali.

13/ Fara daga hagu. Takwas ba ta shiga cikin 4, sai ka ɗauki 42. Takwas nawa ne a cikin 42? Biyar, domin 8 × 5 = 40. Rubuta 5, saura 2. Sauko da 8 ɗin ƙarshe kusa da 2 ɗin, ya zama 28. Takwas nawa ne a cikin 28? Uku, domin 8 × 3 = 24. Rubuta 3, saura 4.

14/ Mun samu 53, da ragowar 4. Nan da nan ta rubuta 53.4. Wannan kuskuren kusan kowa ya taɓa yin sa. Ragowa ba ita ce lambar bayan ɗigo ba. Maki huɗu ne suka rage, su ma sai an raba su wa darussa takwas. Dabino huɗu, yara takwas: kowa rabi.

15/ A takarda ga yadda ake yi: ka sa ɗigo bayan 53, ka ƙara sifili a bayan ragowar, 4 ta koma 40. Takwas nawa ne a cikin 40? Biyar cif, ba saura. Amsa: 53.5.

Ta kalli takarda, ta kalli kati, ta kalle ni. Ta ce, "To daga ina 47.6 ta fito?"

16/ Ga yadda ake kama kuskure: ka koma da baya. Matsakaici sau yawan darussa dole ya dawo da kai jimilla.

53.5 × 8 = 428. Ya yi.
47.6 × 8 = 380.8. Bai yi ba.

Na ce ta gwada da tara. 47.6 × 9 = 428.4. Ga shi nan, kusan cif. Da tara aka raba.

17/ Muka sake duba katin. Layi tara aka buga a kansa. Na taran Noma ne, kuma babu komai a gabansa, domin duk zangon ba su da malamin darasin, ba a yi musu gwaji ko jarabawa ba. Wanda ya cike katin ya ƙirga layukan takarda, bai ƙirga darussan da aka ba maki ba.

18/ Rabawa da tara daidai yake da a ce ta zauna jarabawar Noma ta ci sifili. Kamar ka sa yaron da ba ya gida cikin rabon dabino: kason kowa zai ragu. Layi ɗaya da ba kowa a cikinsa ya cinye mata kusan maki shida, ya sauko da ita daga saman 50 zuwa ƙasa.

19/ Amma a kula, gurbi ba kowa daban, sifili daban. Da a ce an yi jarabawar ita ce ta ƙi zuwa aka sa mata 0, to wannan sifilin maki ne, dole a ƙirga shi, kuma rabawa da tara ce daidai. Kada wani ya cire darasin da ya faɗi ya ce ni na koya masa.

20/ Bayan la'asar na sami Baba a zaure. Doguwar rabawa ba za ta yi da shi ba, sai na bi ta hanyar ciniki. Na ce, "Baba, 50 kuka ce. Mu duba kowane darasi, nawa ya ɗara 50, nawa ya gaza." Waɗanda suka ɗara: 22, 18, 5 da 11, jimilla 56. Waɗanda suka gaza: 2, 9, 6 da 11, jimilla 28.

21/ Kafin in rufe baki ya ce, "Riba 56, bashi 28, saura 28." Na ce to in riba ta fi bashi, ta yaya za a ce ba ta kai 50 ba? A raba 28 ɗin gida takwas, uku da rabi ne. A ɗora a kan 50, 53.5. Hanya daban, amsa ɗaya. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ranar Litinin ka je da ita."

22/ Mun je. Malamin bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce shi kaɗai ya cike katunan ajin da hannu cikin dare biyu, ya raba duka da tara. Ma'ana ba ita kaɗai ba ce, duk ajin ne. Ya gyara nata, ya ce sauran su dawo da nasu. Ina ta tunanin gida nawa aka yi faɗa a kan wannan lambar.

23/ Sai dai ban bar ta ta gama murna ba. Tana so ta karanta aikin jinya, kuma can ana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A WAEC kiredit daga C6 yake farawa, wato daga maki 50. Na ce ta duba biyar ɗin nan a katinta. Bayoloji kaɗai ya haye.

24/ Na sa ta fitar da matsakaicin huɗun da suka gaza, ita kaɗai: 48 + 41 + 44 + 39 = 172, a raba huɗu, 43. Sauran huɗun kuma 256 a raba huɗu, 64. Hausa da Labarin Ƙasa ne suka goya Fiziks a baya. Matsakaici yana faɗa maka yawan dabinon da ke faifai, ba ya faɗa maka wane yaro ne hannunsa ya fi zama wayam.

25/ Ta koma makaranta. Takardar da muka yi lissafin tana nan cikin jakarta, ta zagaye 43 da jan biro, ba 53.5 ba.

26/ Ga naku. Darussa shida a kati: 62, 45, 70, 0, 58, sai na shida da ba a rubuta komai ba saboda ba a yi jarabawarsa ba. Da nawa za ka raba, kuma nawa ne matsakaicin? Ban da kalkuleta. Ku ajiye min amsa a ƙasa, ku ninka ta ku gani ko ta dawo da ku jimilla kafin ku tura.